Bod ɗin farko da layinsa ya yi zafi: labarin na'urar kunna fanka

Yadda abin ya faro

Wani ɗalibina ne da ke karatun lantarki, shekararsa ta biyu, ya daɗe yana haɗa abubuwa a kan biredibod amma bai taɓa zana PCB da hannunsa ba, wato bod ɗin da ake buga layukan jan ƙarfe a kansa maimakon wayoyi. Aikin da ya ɗauko ba wani mai wuya ba ne. Akwai akwatin ƙarfe da ake ajiye wasu kayan wuta a ciki yana ɗaukar zafi, ana so a saka fanka mai kunna kanta idan zafin ciki ya kai digiri 40, ta kashe kanta idan ya sauko 35. Fankar mai 12 V ce, ya auna ta da mita tana jan 2 A in ta miƙe da gudu. Ƙwaƙwalwar aikin ATmega328P ce mai ƙafa 28, mai auna zafin LM35, mai kunna fankar kuma MOSFET ne IRLZ44N, sai 7805 da ke sauko da 12 V zuwa 5 V, da dayod ɗaya da ke tare wutar da motar fankar ke maidowa idan an kashe ta.

A kan biredibod komai ya yi aiki har sati biyu ba matsala. Sai dai akwai abu ɗaya da bai lura da shi ba a lokacin, wutar fankar ba ta cikin biredibod take bi ba, waya mai kauri ya ja kai tsaye daga abin ba da wuta zuwa fanka, daga fanka zuwa MOSFET, daga nan ta koma gida. Wayar LM35 kuma a gefen ƙwaƙwalwar ya soke ta.

Sati na 1: zane

Da manhajar KiCad ya yi zanen, bod mai fuska biyu, kauri 1.6 mm, jan ƙarfen da ke kai kuma 1 oz, wato kaurin 35 µm, wanda shi ne kusan kowa ke karɓa in bai nemi wani ba. Girman bod ɗin 90 mm da 60 mm.

Yadda ya jera kayan, kyan gani ya bi. Tashar shigar wuta a kusurwar hagu, MOSFET da tashar fanka can a dama, ƙwaƙwalwa a tsakiya, ƙananan kafasita guda uku masu 100 nF kuma ya jera su a layi ɗaya a gefen sama kamar sojoji. Faɗin layin jan ƙarfe bai taɓa shi ba, 0.25 mm ya tarar a saitin aikinsa, da shi ya ja komai, daga layin da ke ɗaukar siginar LM35 har layin da zai ɗauki wutar fanka. GND ma, wato hanyar da wuta ke bi ta koma gida, layi ya ja shi kamar sauran, bai zuba masa filin jan ƙarfe ba. Ya taso daga tashar wuta, reshe ɗaya ya nufi ƙwaƙwalwa, ɗayan ya yi tafiyar 60 mm zuwa ƙafar MOSFET, kuma da yake soket ɗin LM35 yana can kusa da MOSFET, sai ya ɗaura GND ɗinsa a nan ƙarshen, don ya fi kusa. Layin 12 V zuwa fanka shi kuma tsawonsa 80 mm.

Ya danna DRC, wato abin da ke duba kurakuran zane a KiCad, ba kuskure ko ɗaya. Ya fitar da fayilolin Gerber ya tura wa masu bugawa.

Sati na 4: fanka ta ƙi mutuwa

Bod biyar suka iso, ya haɗa ɗaya. Yana jona wuta fanka ta tashi da gudu, alhali ko ƙwaƙwalwar bai saka a soket ba tukuna. Cikin minti ɗaya MOSFET ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Ya ɗauka ya ƙone ne wajen dalma, ya cire ya sa sabo, abu dai ɗaya.

A nan ya kawo min shi. Muka buɗe takardar bayanin IRLZ44N, ƙafafunsa in ka fuskanci rubutun daga hagu zuwa dama G, D, S ne. A zanensa kuma alamar da ya zaɓa sunanta Q_NMOS_GSD, wadda ta dace ita ce Q_NMOS_GDS. A allo kamanninsu ɗaya sak, lambobin ƙafa ne kawai suka bambanta. To D da S sun yi musanya a kan bod, kuma kowane MOSFET irin wannan yana da dayod a cikinsa tsakanin waɗannan ƙafafun biyu, in ka juya shi wuta ta wannan dayod ɗin za ta riƙa wucewa ko an kunna ko ba a kunna ba. Zafin ma daga nan ne, kusan 0.8 V a kan 2 A ya kai wat ɗaya da rabi a jikin abin da ba shi da ƙarfen sanyaya shi.

Gyaran na wucin gadi ne, ya lanƙwasa ƙafafu biyun ya gicciya su, ya sa wa ɗaya robar waya don kada su taɓa juna. Fanka ta fara jin magana.

Sati na 5: zafin ƙarya

Yanzu in ya ɗumama LM35 da iskar zafi, karatu na hawa daidai, 36, 38, 40, fanka ta tashi. Tana tashi sai karatun ya yi tsalle zuwa 64, daga nan ya riƙa rarrafawa sama a hankali har wajen 70 cikin 'yan mintoci. Da yake ba zai taɓa saukowa 35 ba, fankar ba ta sake mutuwa sai an zare wuta. Bayan haka lokaci-lokaci ƙwaƙwalwar na sake tashi daga farko a daidai lokacin da fanka ta kama, ya gane haka ne don ya sa ta rubuto kalma ɗaya ta Serial duk sanda ta fara aiki. Ya ƙirga, a kunnawa 20 ta yi haka sau 4.

Abubuwan da ya gwada shi kaɗai, a jere. Ya canza LM35, ba canji. Ya sa ƙwaƙwalwar ta ɗauki karatu 50 ta fitar da matsakaici, lambar ta daina rawa amma tana nan daram a 64 ɗinta. Ya ƙara ƙatuwar kafasita 1000 µF a bakin shigar wuta, nan ma shiru. Sai ya yi abin da da yawa ke yi in sun gaji, ya rubuta cewa in fanka na kunne a cire 24 daga karatu. Wannan ya yi aiki na kamar minti ɗaya, bayan nan karatun ya ci gaba da zamewa sama, kuma in ya tare iskar fankar da kwali lambar ta sake canzawa.

Da ya dawo yake ce min, Malam ni fa ina ganin ƙwaƙwalwar nan jabu ce. Na ce bari mu auna tukuna. Kafin ma in ɗauki mita na kai bayan yatsa kan bod ɗin yana aiki, layin 12 V da dogon layin GND suna da zafi sosai, har koren fentin da ke kansu ya fara duhu a wuri ɗaya kusa da tashar wuta.

Rana ɗaya da mita

Muka sa mita a kan milibolt, tsinke ɗaya a GND na tashar wuta, ɗayan a ƙafar S ta MOSFET. A zane waɗannan wuri ɗaya ne, suna ɗaya, alama ɗaya. Fanka a kashe, sifili. Fanka na tashi, 0.24 V, muna kallo yana hawa har kusan 0.30 V.

Lissafin bai da wuya. Jan ƙarfe mai kaurin 35 µm, in ka yanki murabba'i ɗaya daga cikinsa, ko babba ko ƙarami, turjiyarsa daga gefe zuwa gefe kusan rabin miliom ce, 0.49 mΩ. Saboda haka abin da za ka yi kawai ka raba tsawon layi da faɗinsa ka ga murabba'i nawa ke jere. Nasa 60 mm a raba da 0.25 mm, murabba'i 240 kenan, wato kusan 0.12 Ω. Ka tura 2 A ta ciki, 0.24 V ta fito, daidai abin da mita ta nuna.

Shi kuma LM35 yana ba da 10 mV a kan kowane digiri, kuma daga ƙafarsa ta GND yake ƙirgawa. Ƙafar tasa tana zaune a wurin da wutar fanka ta ɗaga da 240 mV, ƙwaƙwalwar kuma tana aunawa daga ɗaya ƙarshen, to ita a wajenta zafi ya ƙaru da digiri 24. Ba hayaniya ba ce da matsakaici zai share, wuta ce tsayayya, shi ya sa kafasitar ma ba ta yi komai ba. Rarrafawar zuwa 70 kuwa, turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, layin na zafi turjiyarsa na hawa, kuskuren na binsa.

Sai batun zafin layin kansa. A KiCad akwai Calculator Tools, a ciki akwai shafin faɗin layi, yana amfani da lissafin IPC-2221:

```
I = k × ΔT^0.44 × A^0.725
```

I ita ce wutar, ΔT yawan digirin da ka yarda layin ya ɗara iskar da ke kewaye da shi, A faɗi sau kauri a ma'aunin mil², k kuma 0.048 ga layin da ke fuskar waje, 0.024 ga wanda ke binne a cikin bod. Mil ɗaya 0.0254 mm ne, kada a rikita shi da milimita, ana yawan yin haka. Muka saka 0.25 mm da ƙarin zafi na digiri 10, ya ce abin da layin zai ɗauka bai kai 0.9 A ba. Muka juya tambayar, 2 A a wannan layin zai ɗaga zafi nawa, ya ba da wajen digiri 65. A cikin akwatin da zafinsa ya riga ya kai 40, an wuce 100 kenan. Faɗin da 2 A ke buƙata don a tsaya a digiri 10 shi ne kusan 0.8 mm, fiye da ninki uku na abin da ya ja.

Layin 12 V mai 80 mm shi ma murabba'i 320 ne, kusan 0.16 Ω, yana cinye 0.3 V yana mayar da sama da rabin wat zafi.

Sati na 6: facin waya

Shawarar farko da wani abokinsa ya ba shi ita ce ya kankare fentin ya malala dalma a kan layin. Ya gwada a dogon GND ɗin, 0.24 V ta ɗan sauko amma ba ta tafi ba, don dalma ba ta kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba ko kusa, kuma wajen kankarewa ya kusa tsinke layin.

Abin da ya yi aiki, mun yi shi ɗaya bayan ɗaya muna aunawa. Na farko, guntuwar waya mai 1 mm² daga ƙafar S kai tsaye zuwa tashar wuta ta bayan bod, wata kuma a gefen 12 V. Layin 0.25 mm a kan 35 µm bai kai ko 0.009 mm² ba, wayar ta ninka shi sama da sau ɗari. Mita ta sauko zuwa 'yan milibolt, zafin layi ya ɓace, tsallen karatu ya koma ƙasa da digiri ɗaya. Na biyu, ya yanke GND na LM35 da reza ya ja masa siririyar waya zuwa ƙafa ta 22 ta ƙwaƙwalwar. Daga nan karatu bai ƙara motsi ba in fanka ta tashi.

Sake tashin ƙwaƙwalwa dai bai daina gaba ɗaya ba. Sojojin nan uku da ya jera a sama, mafi kusa a cikinsu yana da nisan 40 mm daga ƙafar wutar ƙwaƙwalwa. Aikin wannan ƙaramar kafasita shi ne ta ba da wuta nan take in an buƙata ta kuma shanye tartsatsin da ya biyo layi, kuma dogon siririn layi yana jinkirta duk wani canji mai sauri, a ƙiyasi kusan 1 nH a kowace milimita, ga zuwa ga dawowa. Motar fanka mai burushi kuwa in za ta tashi tana jan ninkin wutar da take ja a gudu, tana tartsatsi. Ya manna 100 nF ɗaya a bayan bod tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8, wata tsakanin ta 20 da ta 22, ƙafafunsu a gajarce. Ya kunna ya kashe sau 50, ba ta sake tashi ba ko sau ɗaya.

Sati na 7 da na 8: zane na biyu

Wannan karon bai fara da jan layi ba. Ya ɗauki biro ya zagaye hanyar da 2 A ke bi a takarda, tashar wuta, fanka, MOSFET, komawa tasha, sai ya tattara waɗannan kayan duka a kusurwa ɗaya tare da dayod ɗin, har mafi tsawon layi a cikinsu ya zama 15 mm. Ƙwaƙwalwa da soket ɗin LM35 suka koma ɗaya ɓangaren, inda wutar fanka ba ta da dalilin ratsawa.

A Board Setup ya buɗe Net Classes ya yi aji uku. Sigina 0.25 mm kamar da, don ita miliamfiya kaɗan take ɗauka kuma wannan faɗin ya ishe ta. Layin 5 V ya ba shi 0.5 mm. Na fanka 2 mm, duk da lissafi 0.8 ya ce. Dalilinsa, wutar tashi ta fi 2 A, akwatin dama da zafinsa, kuma fili na nan zaune ba a biyan kuɗin faɗi. A 2 mm lissafin ya ce layin zai ɗauki kusan 4 A kafin ya ɗara digiri 10, a 2 A kuma ƙarin zafin wajen digiri 2 ne. Turjiya, 15 a raba da 2 murabba'i bakwai da rabi, ƙasa da 4 mΩ, wato kusan 7 mV. Ko wannan ɗin a wajen LM35 ya kusa digiri ɗaya, shi ya sa duk da haka bai bar shi ya raba hanya da fanka ba.

Fuskar ƙasa gaba ɗaya ya zuba ta GND. Da na duba sai na ga ya ja wani layin sigina a ƙasan mai tsawon kusan rabin bod, ya raba filin gida biyu, duk wutar da za ta koma sai ta zagaye ta wani siririn wuya a gefe. Ya mayar da layin sama, ya bar ɗan tsallake na 5 mm kawai a ƙasa. Kafasitocin 100 nF suka zauna milimita biyu zuwa uku daga ƙafafunsu.

Ya tambaye ni ko ya gyara duk kusurwoyin da suka yi kwana 90, wai ya ji suna lalata sigina. A irin wannan bod mai tafiyar hawainiya ba su da wani tasiri, ya mayar da su 45 don ya fi son ganinsu haka.

Kafin ya tura, ya buga zanen a takarda a girmansa na gaskiya, ya ɗora a kan soso ya soke kowane kaya a raminsa, yana bin lambar kowace ƙafa da takardar bayaninta. A nan ya kama wani, tashar da ke hannunsa tazarar ƙafafunta 5.08 mm ce, sawun ramukan da ya zaɓa mata a zane na 3.5 mm ne.

Sati na 11: sakamako

Bod na biyu ya tashi a jonawar farko. Tsakanin tashar wuta da ƙafar S mita ta nuna ƙasa da 5 mV. Ya bar fanka awa uku tana gudu, layin 2 mm ba a bambanta ɗuminsa da sauran bod da hannu. Karatu bai motsa in ta kama, tana mutuwa a 35 kamar yadda aka so, kunnawa 100 ba sake tashi.

Matsala ɗaya ta fito. Ƙafar GND ta tashar wuta ya haɗa ta da filin ƙasa kai tsaye, ya cire Thermal reliefs, wato 'yan sandunan nan huɗu da ke riƙe ramin, don yana tsoron su yi wa 2 A kaɗan. Filin ya riƙa shanye zafin ƙaramin ƙarfen dalmarsa mai wat 30, dalmar ta dunƙule ta ƙi kwanciya, sai da ya ari mai ƙarfi.

Abin da na gani a ciki

A ganina cikin matsalolin nan ta MOSFET ce mafi arha, don ta bayyana kanta a minti na farko. Wadda ta cinye masa sati biyu ita ce ta GND, kuma faɗin layi rabin labarinta ne kawai. Da ya ja 0.8 mm ɗin da lissafin IPC-2221 ya ce ya tsaya nan, layin ba zai yi zafi ba, amma 60 mm a raba da 0.8 murabba'i 75 ne, kusan 37 mΩ, 74 mV, LM35 zai ci gaba da ƙarin digiri 7 na ƙarya, kuma tazarar kunnawa da kashewarsa digiri 5 ce kacal, fankar za ta riƙa wuce lokacin mutuwarta ba tare da wani abu ya yi zafi ya tona asiri ba. Lissafin zafi tambaya ɗaya yake amsawa, ta faɗuwar wuta sai ka ƙirga murabba'i da kanka, sannan ka duba wa ke zaune a kan wannan layin.

DRC kuma bai yi masa ƙarya ba, tazara da haɗi yake dubawa bisa dokokin da aka ba shi, ba wanda ya gaya masa wane layi ne zai ɗauki 2 A ko wace ƙafa ce D. Cire sandunan nan ma bai zama dole ba, guda huɗu masu 0.5 mm in ka tara su 2 mm ne, daidai faɗin layin da ya ja a sama, kuma tsawonsu bai kai milimita ɗaya ba. A fayil ɗin da ya ajiye don bugu na gaba ya maido su, ya faɗaɗa kowace zuwa 0.8 mm.